Yadda na tara kuɗin canza janareton shagona a wata 24

Ƙanƙara da ruwan sanyi nake sayarwa a nan cikin garin Gombe, kuma duk wanda ya taɓa wannan sana'ar ya san janareto shi ne jarin, firiza ba ta san uzuri ba, in wuta ta yi awa goma babu kuma inji bai tashi ba to kayanka sun koma ruwa. Nawa ɗan China ne mai shan dizal, 10kVA, irin buɗaɗɗen nan, kuma a ƙarshen 2022 ya fara nuna tsufa ƙarara. Baƙin mai da a da sai lokacin sabis nake taɓa shi ya koma sai na ƙara duk mako, hayaƙin salansa ya koma shuɗi-shuɗi, da safe sai an sha fama kafin ya kama, sannan da zarar kwamfiresoshin firiza biyu sun tashi tare sai ka ga ƙwan shago ya dusashe injin ya yi nishi. An riga an canza masa ringi, an yi masa boring, bakaniken da yake duba min shi ya ce min, Alhaji in dai kana masa sabis a kan kari zai kai ka shekara biyu, wataƙila da ɗan ɗoriya, amma bayan nan kuɗin gyara za ka riƙa zubawa kawai.

Wannan maganar ta shekara biyu ita ta ba ni rana. Kuma ban ɗauki ranar da injin zai mutu ba, na ɗauki ranar da ba zan iya jure mutuwarsa ba. Cinikinmu na shekara rabinsa a zafin Maris da Afrilu yake, ga azumin 2025 da lissafi ya nuna zai faɗo farkon Maris, to in inji ya tsaya min a sati na biyu na azumi ba gyara kaɗai zan biya ba, kwastomomin da suke ɗaukan ƙanƙara da buhu za su koma wani wajen kuma ba lallai su dawo ba. Sai na rubuta a bangon littafin shago: satin farko na Fabrairu 2025, sabon inji a ƙasa yana aiki. Zubi na farko ƙarshen Fabrairu 2023, na ƙarshe ƙarshen Janairu 2025, zubi 24 kenan.

Abu na gaba shi ne nawa za a tara, kuma a nan ne na ga yawancin mutanenmu suke zamewa, mutum ya je ya tambayi kuɗin inji yau ya raba da watanni ya ce shikenan. Ai ba yau za ka saya ba. Na tambaya a babbar kasuwa na kuma sa aka tambayo min a Sabon Gari a Kano, irin nawa sabo yana wajen naira 1,000,000 a Janairu 2023. A lokacin hukumar ƙididdiga tana cewa tashin farashin kaya ya kusa kashi 22 cikin ɗari a shekara, sai na ɗauki kashi 20, shekara ɗaya ya zama 1,200,000, shekara ta biyu kashi 20 ɗin a kan sabon kuɗin za ta hau ba a kan tsohon ba, ya zama 1,440,000. Sannan inji ba ya kawo kansa, akwai kuɗin mota, akwai sumintin da za a sake zuba wa mazauninsa, wayar da ta tsufa, canjoba, batir, kuɗin mai haɗa wuta, na yi musu kuɗi 160,000 gaba ɗaya, jimla 1,600,000. Tsohon kuma ba zubar da shi zan yi ba, masu walda suna saye, na ƙiyasta 200,000 na cire. Abin da asusun zai haɗa ya tsaya a 1,400,000.

Ƙanwata ce ta yi min lissafin zubin, akanta ta karanta a Jami'ar Jihar Gombe. Ni da na raba 1,400,000 gida 24 na samu 58,333, sai ta ce, Yaya ai wannan lissafin wanda zai binne kuɗin a ƙarƙashin katifa ne, in za ka sa su inda suke haihuwa zubin zai ɗan sauka, domin kuɗin da ka zuba a watan farko zai yi wata 23 yana aiki, na biyu wata 22, haka har na ƙarshe wanda shi ko kwabo ba zai haifa ba tunda ranar da ka zuba shi za ka kwashe. Ta rubuta min shi a takarda haka:

```
A = F × i ÷ ((1 + i)^n − 1)
```

A shi ne zubin wata, F kuɗin da ake son tarawa, n yawan watanni, i kuma ƙarin da kuɗin suke samu a wata ɗaya, wato na shekara raba 12. Mun ɗauki kashi 9 a shekara, a wata ya zama 0.0075. Wanda yake da Excel ko a waya ne ba sai ya wahala ba, wannan layin kawai zai buga:

```
=PMT(9%/12,24,0,-1400000)
```

Ya ba mu 53,459. Na ce a mayar da shi 54,000 saboda sauƙin riƙewa, wanda a rana 1,800 ne, kuma da lissafin rana na fi gane shi domin ciniki kullum ake yi ba wata-wata ba. Kullum da daddare in na rufe shago sai na ware 1,800 kafin in ƙirga abin da na samu, daidai yadda nake ware kuɗin dizal da na yaran shago, domin lalacewar inji ma kuɗin da sana'a take ci ne, kawai dai ba a ranar ake biya ba. Da na duba farashin ƙanƙarata da wannan idon sai na ga ashe shekaru ina sayarwa ne kamar injin kyauta aka ba ni, dole na ɗan taɓa farashi.

Toh maganar inda kuɗin za su zauna. Ni ba na cin kuɗin ruwa, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan haka suke, shi ya sa na kai su ɗaya daga cikin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin waɗannan yanzu ba ɗaya ba ne, Jaiz tun 2012 yake aiki, TAJ ya zo a 2019, Lotus a 2021. Ajiyar mudaraba na buɗe ta wata ɗaya-ɗaya, ma'ana banki ya juya kuɗin a kasuwanci a raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, in wa'adi ya cika sai in ɗora zubin wannan watan a kan uwar kuɗi da ribar a sake ɗaurewa. Abin da ya kamata mutum ya riƙe shi ne a mudaraba ba a yi maka alkawarin adadi ba, ma'aikacin zai nuna maka abin da aka raba a watannin baya ne kawai, wani watan ya haura wani watan ya sauka, don haka kashi 9 ɗin da muka sa ƙasa yake da abin da aka nuna min, da gangan. Maƙwabcina mai shagon buga takardu shi ajiyar wa'adi ta bankin da aka saba ya yi, nasa adadin a rubuce yake tun ranar farko, amma ana cire masa harajin kashi 10 daga ruwan, wato in an ce masa kashi 10 to kashi 9 ne yake shiga hannunsa, kuma da wannan 9 ɗin ya kamata ya yi lissafi. Lissafin dai iri ɗaya ne gare mu duka, inda ƙarin yake fitowa ne ya bambanta.

Akwai masu ce min me ya sa ban yi adashe ba kawai. Ina yin adashe har gobe, amma ga wannan aikin yana da matsala biyu, abin da ka zuba shi za ka kwasa ba ƙari, sannan ranar kwasarka ba kai kaɗai kake yanke ta ba, in mutum biyu sun makara da zubi kai ma ka makara. Barin kuɗin a asusun da nake ciniki da shi kuwa, wanda katinsa yake aljihuna, wannan ko gwadawa ban yi ba, na san biki da suna da kuɗin makaranta ba za su bar su su kwana ba. Amfanin ɗaurewar a wajena har ya fi ribar, domin in ka fasa ajiyar kafin wa'adi ribar wannan zangon kake rasawa, ko duka ko wani sashe, kuma sai ka je ka cike takarda, wannan ɗan wahalar kaɗai ta isa ta sa mutum ya sake tunani.

Watan farko ya zo daidai da lokacin ƙarancin takardun kuɗi na canjin naira, ciniki ya koma tiransifa, sai abin ya zo min da sauƙi ta wani ɓangaren tunda kuɗin suna banki dama, turawa kawai nake yi. Na ja layi huɗu a littafi, wata, abin da na zuba, ribar da ta shigo, jimla, gefe guda kuma ƙanwata ta cike min jimlar da ya kamata a gani kowane wata in komai ya tafi daidai. Yadda ake cike shi ba wuya, jimlar watan jiya sau 1.0075 sai ka tara da zubi. Wata na farko 54,000. Na biyu 54,000 ɗin ta zama 54,405, a tara da sabon zubi 108,405. Na uku 163,218. Ka ga ribar wata na biyu naira 405 ce, lokacin ko litar dizal ɗaya ba za ta saya ba, kuma gaskiya a nan ne mutum yake jin kamar wasa ake yi. Sai a hankali take kumbura, a wata na 12 ribar wata ɗaya ta kai wajen 4,600. Amfanin wannan layin na gefe shi ne duk ƙarshen wata kana ganin ko kana gaba ko kana baya, ba sai ranar sayen inji ba za ka gano akwai rami.

Akwai abin da na fahimta daga wasa da wannan lissafin wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayanin. Ribar ajiya ba ita take sayen inji ba. A tsarin farko duk abin da za ta kawo a shekara biyu wajen 117,000 ne cikin 1,400,000, sauran duk guminka ne. Na ce wa ƙanwata to in na samu inda ake ba da kashi 15 fa, ta canza lamba ɗaya, zubin ya sauka daga 53,459 zuwa 50,381, bambancin dubu uku kacal. Sai ta ce, Yaya bari ka ga ɗaya gefen, ta bar ribar a kashi 9 ta mayar da tashin farashin inji kashi 30 maimakon 20, injin ya zama 1,690,000, zubin ya haura zuwa 63,005, ƙarin kusan dubu tara da ɗari biyar. Wato kuskure a ƙiyasin farashi ya fi kuskure a ƙiyasin riba ciwo nesa ba kusa ba, amma sai ka ga mutum yana yawo banki-banki yana neman ƙarin kashi ɗaya ko biyu alhali rabonsa da tambayar kuɗin injin tun ranar da ya fara tari. Kuma wannan kwaɗayin ne yake kai mutane hannun masu cewa kawo kuɗinka mu ba ka kashi 15 ko 20 duk wata, mun ga yadda irinsu suke ƙarewa, kuɗin da aka sa wa rana ba a kai su inda uwar kuɗin kanta za ta iya salwanta.

Abin da ta nuna min a waya kuwa sai ga shi a zahiri. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake samu wajen 750 a kasuwar bayan fage farkon 2023 ta wuce 1,500 a Fabrairu 2024, kuma janareto kayan waje ne, da dala ake shigo da shi. Na sa wa kaina dokar sake lissafi in an yi rabin tafiya, to bayan zubi na 12 a ƙarshen Janairu 2024 na duba asusu, na zuba 648,000, da riba ya kama wajen 675,000, daidai da layin gefe, ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Na koma kasuwa, injin 1,000,000 ya zama 1,650,000. Wato farashin da na ƙiyasta sai bayan shekara biyu za a kai, an wuce shi a shekara ɗaya. Wanda zai fara irin wannan yanzu ya riƙa leƙa kasuwa duk wata shida, ko ma uku in dala tana rawa, kira ɗaya ne a waya.

Muka sake zama. Sabon farashi da ƙarin kashi 20 na shekarar da ta rage, 1,980,000. Kuɗin kawowa da haɗawa na mayar da shi 220,000, jimla 2,200,000. Abu ɗaya da ya taimaka shi ne tsohon inji ma ya yi daraja tunda sabo ya yi tsada, na sa shi 350,000. Sabon abin nema 1,850,000. Kuɗin da suke asusu ba zaune za su yi ba, 675,000 a wata 12 za ta zama wajen 738,000, saura 1,112,000 da za a haɗa da zubi 12. A Excel gurbin da muka sa sifili a da shi ake sa abin da yake hannu:

```
=PMT(9%/12,12,675000,-1850000)
```

88,880 ya fito. Daga 54,000. Wallahi na daɗe ina kallon lambar nan, domin a daidai lokacin dizal ma ya tashi, kuɗin leda ya tashi, abinci a gida ya tashi.

Hanya uku ce a gabana. Ko in ɗaga ranar, ko in sayi ƙaramin inji, ko in nemo kuɗin. Ƙaramin inji na cire shi nan take, domin kwamfiresa in za ta tashi tana jan wuta ninki da yawa na abin da take ci in ta daidaita, inji ƙarami zai yi ta durƙushewa, ƙarshe ya ƙona maka kwamfiresa ko shi ya ƙone, ka yi arhar da ta fi tsada. Ɗaga rana ita ce ta fi daɗin ji, amma da muka auna sai ta ba ni tsoro, inji na 1,650,000 in yana tashi da kashi 20 a shekara to duk wata yana ƙara wajen 27,500, wato rabin zubina na 54,000 bin farashi kawai yake yi, kamar mai bin motar da ta riga ta tashi daga tasha. Ga kuma tsohon injin da ba zai jira ni ba, kowane wata na ƙara darajarsa tana raguwa kuɗin gyaransa yana hawa. In kuɗinka suna haihuwar kashi 9 abin da za ka saya yana tashi da kashi 20 ko fiye, jinkiri asara ce, kuma da a ce a ranar ina da cikon kuɗin a hannu da a ranar zan saya ba sai Fabrairu 2025 ba.

Sai na duba yadda kuɗi suke shigo min a shekara, ai ba daidai suke shigowa ba, to me zai sa zubin ya zama daidai. Abin da zan iya kowane wata har da damina ba tare da na taɓa jarin dizal ba shi ne 70,000. Zubi 12 na 70,000 da ribarsu suna ba da wajen 875,500, saura wajen 236,000. Wannan na ɗora wa kakar zafi, azumin 2024 ya kama daga wajen 11 ga Maris, cinikin ƙanƙara a lokacin ba a magana. Kuɗin da aka zuba ƙarshen Afrilu suna da wata tara su yi aiki, don haka ba sai na kawo 236,000 cif ba, 221,000 ta isa ta kai can. Na haɗa ta daga cinikin azumi da kwasar wani ƙaramin adashe da na roƙa aka ba ni a watan, na zuba ta a dunƙule a kan zubin Afrilu. Wannan tsarin ya fi dacewa da duk mai sana'ar da take da kaka, mai injin casar shinkafa ko mai niƙa ko tela mai jiran sallah, ka sa zubin wata a abin da za ka iya a mafi munin wata, ragowar ka ɗora wa watan da kasuwa take buɗewa, kuma in da hali ya zama da wuri a cikin tafiyar.

A ƙarshen Afrilun nan ne aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka yi makonni cikin duhu mu da Yola da Jalingo da sauran su, tsohon injin ya koma aiki dare da rana, ana cikin haka famfon mai da nozul suka ce ga garinku. Ban taɓa asusun ba. Tun farko na raba, kuɗin sabis da gyara daban suke a cikin kuɗin gudanar da shago, asusun canji kuma na canji ne, domin in ka fara cewa ai duk na inji ne to gyaran tsoho zai cinye kuɗin sabo kaɗan-kaɗan, ranar ta zo ba ka da ko ɗaya. Abin da na yi shi ne na ce wa bakaniken ya yi gyaran da zai kai mu Fabrairu kawai, kar ya sa min kayan da za su yi shekara biyar a injin da saura wata tara in rabu da shi.

Watan Agusta ana tsakiyar ruwa kasuwa ta mutu, 30,000 kawai na iya zubawa, giɓin 40,000. Na tambayi ƙanwata nawa wannan zai ja min, ta ce in ban cike ba har ƙarshe asusun zai gaza da wajen 41,500, wato 1,500 ce kawai ribar da za ta tafi, sauran uwar kuɗin ce. Sai hankalina ya kwanta, makara ba ta da tsada sosai, abin da yake kashe asusu shi ne a manta da giɓin ko a saba da shi. Na rubuta shi da jan biro a matsayin bashin da asusu yake bi na, na biya a Oktoba da zafin bayan damina ya dawo.

Abu biyu na gefe da suka taso. Da kuɗin suka wuce 500,000 a ƙarshen 2023 na ɗan damu domin a lokacin iyakar abin da NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, take biyan mai ajiya in banki ya rushe kenan, a 2024 aka ɗaga shi zuwa miliyan 5 ga manyan bankuna, miliyan 2 ga ƙananan bankunan maikurofainas, don haka mai tara kuɗi masu kauri ya san a wane irin banki yake, ya kuma tambaya a rubuce ko irin ajiyarsa tana cikin wannan kariyar. Na biyu zakka, malaminmu ya ce min sa wa kuɗi sunan inji ba ya fitar da su daga lissafi, ana haɗa su da sauran kuɗin hannu da na kasuwanci, in sun kai nisabi shekara ta zagayo a fitar da kashi biyu da rabi, to wanda yake da ƙarfi har haka ya sa wannan a lissafinsa tun farko.

Da Janairu 2025 ya kama na je banki tun kafin wa'adin ƙarshe ya cika na rubuta cewa kar a sake ɗaurewa, a sauke kuɗin asusuna na yau da kullum. Wannan matakin ƙarami ne amma in ka bari aka sake juya su na wani watan, ranar da kake buƙata sai dai ka fasa ka bar riba. Ribar 2024 ta ɗan fi kashi 9 da muka sa, shekarar ce Babban Banki ya yi ta ɗaga ma'aunin ruwansa har ya kai 27.5 a Nuwamba kuma abin da ake samu a ajiya kusan ko'ina ya motsa, sai asusun ya rufe a wajen 1,875,000. Injin kuma bai kai 1,980,000 ba, dala ta ɗan lafa, da ciniki da kuɗi a hannu na same shi 1,900,000, kawowa da haɗawa suka ci 205,000. Tsohon an taya 320,000, ƙasa da 350,000 da na sa, saboda wahalar da ya sha a makonnin duhu ta nuna a jikinsa.

A takarda lissafi ya fita har da rara, 2,105,000 a cire 320,000 saura 1,785,000. Amma akwai wani lungu da takarda ba ta nunawa, kuɗin tsohon inji ba sa zuwa sai an sauke shi, shi kuma ba a sauke shi sai sabo ya iso, wato a ranar biya ina buƙatar 2,105,000 alhali 1,875,000 ce a hannuna, giɓin 230,000 na 'yan kwanaki. Mai waldan da zai sayi tsohon na ce masa, Oga ka ba da kafin alƙalami 150,000 in riƙe maka shi, ya bayar, mai haɗa wuta kuma ya yarda ya jira 80,000 daga cikin kuɗinsa har a ɗauke tsohon. Wanda ba shi da irin wannan fahimtar da mutane gara ya tara cikakken kuɗin, ya bar na tsohon inji ya zama rara.

An ɗora sabon a satin farko na Fabrairu, muka gwada shi da firizoji duka a kunne, mai haɗa wuta ya sa mita muka ga wutar ba ta faɗuwa in kwamfiresa ta tashi, aka fara azumi ranar 1 ga Maris yana aiki. Da mai walda ya cika 170,000 ɗinsa na sallami mai haɗa wuta, 90,000 ta rage. Na sayi baƙin mai da filta na sabis ɗin farko da 40,000 tunda sabon inji ana juye masa mai da wuri, 50,000 kuma na mayar da ita ajiyar ban rufe ba, babbar firizata ce take biye a layi kuma na riga na tambayo kuɗinta.